Yadda Za Ka Gane Ko Ejan Ya Kamata Ya Riƙe Maka Gidan Haya Ko Kai Da Kanka

Da mahaifinmu ya rasu, cikin abin da ya bari akwai gida mai fulat huɗu a Kano, kowanne ɗaki biyu da falo. 'Yan'uwa suka ce ni zan riƙe, tunda ni ne babba kuma ina gari. Na riƙe shekara uku da hannuna, daga baya aiki ya mayar da ni Abuja, na ƙara shekara ɗaya ina riƙonsa daga nesa kafin na miƙa wa ejan. Na ga ɓangarorin biyu ke nan. Abin da na fahimta shi ne yawancin masu gida suna tsayawa ne a kan kashi goman da ejan zai cire, su ce ba za su bayar ba, alhali ba wannan adadin ne ke yanke hukunci ba. Watannin da ɗaki ke yi a kulle, da hayar da ta maƙale a hannun mutane, da kuɗin zirga-zirga, su ne ke faɗa maka gaskiya.

Alƙaluman da zan yi amfani da su misali ne na zagaye don lissafi ya zo da sauƙi. Ka cire su ka sa naka.

Mataki na farko: san wanda kake magana a kansa

Mutum uku ake rikitawa. Dillali aikinsa ya kawo maka ɗan haya, ya karɓi la'adarsa, yawanci daga hannun mai shigowa, ya tafi. Mai gadi ko wani ɗan haya da ka ɗora a kan sauran yana sa ido ne kawai, ya tara kuɗin shara da na wuta, ya kira ka in wani abu ya lalace. Ejan mai kula da gida shi ne wakilinka: ya tantance masu shiga, ya rubuta yarjejeniya, ya karɓi haya, ya sa a yi gyara, ya ba da notis, ya kawo maka lissafi. A kan wannan na ukun muke magana. Abin da aka fi sani a kasuwa shi ne yana ɗaukar kashi 10 cikin 100 na hayar, wasu kan sauko ƙasa da haka idan gidajen suna da yawa ko hayar tana da tsoka.

Mataki na biyu: mayar da kuɗin ejan zuwa watanni

A ce kowane fulat naira 600,000 ne a shekara. Huɗu sun tashi naira 2,400,000, kashi goma kuma naira 240,000. Idan ka faɗi adadin haka, da nauyi a kunne. To raba hayar fulat ɗaya gida goma sha biyu, za ka ga kowane wata naira 50,000 ne. Ke nan ladan ejan na shekara bai kai hayar wata biyar na fulat guda ba.

Wannan shi ne ma'auninka. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: a riƙon da nake yi, shin abin da ke zurarewa daga hannuna a shekara, wanda ejan zai iya toshewa, ya kai hayar wata biyar? Idan ya kai ko ya wuce, ejan nagari ba ya cin komai daga aljihunka, asarar da dama kake yi ce yake ɗaukar ladansa a ciki. Idan bai kai ba, riƙe abinka.

Mataki na uku: rubuta abin da riƙon kai yake ci

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi yaudarar kansu, domin kuɗin da ke fita kaɗan-kaɗan ba ya zama a ƙwaƙwalwa. Ɗauko littafi, ka buɗe bayanan asusunka na banki na shekarar da ta wuce, ka bi wata-wata.

Akwai kuɗin da dole su fita ko wa ke riƙe da gidan: kwashe sokawe, gyaran samo na burtsatse, toshe yoyon kwano kafin damina, fenti idan wani ya tashi, kuɗin ƙasa na gwamnati. A gidanmu irin waɗannan sukan kai wajen naira 300,000 a shekara. Ajiye su gefe, ba sa cikin kwatancen, sai dai abin da ya ƙaru a kansu saboda salon riƙon.

Fara da zirga-zirga. Lokacin da nake Kano, sau biyu a wata nake zuwa gidan idan aka daidaita, wani watan ban leƙa ba, wani watan kuma sau biyar saboda samo ya ƙone. Zuwa 24 a kan naira 3,000 na mai ko ɗan sahu ya zama naira 72,000.

Sai lokacinka. Kowane zuwa rabin yini ne, domin mai gyaran famfo ya ce ƙarfe goma, sai bayan azahar ka gan shi. Rabin yini 24 kwana 12 ke nan. Idan ɗan kasuwa ne kai, kuma rashinka a shago yana rage maka naira 8,000 a yini, ka rubuta naira 96,000. Idan ka yi ritaya, ko shagon na tafiya daidai ko ba ka nan, rubuta sifili. Kada ka ƙirƙiri asarar da babu don lissafi ya yi kyau, kada kuma ka ɓoye wadda ke akwai.

Sai lauyan da zai duba maka takardar yarjejeniya ko ya rubuta notis, a ce naira 30,000.

Na ƙarshe kuma mafi girma, watannin da ɗaki ya yi babu kowa. Ƙirga daga ranar da hayar tsohon ɗan haya ta ƙare zuwa ranar da ta sabon ta fara, ba daga ranar da aka kwashe kaya ba. Sau da yawa mutum zai ƙara sati uku yana neman inda zai koma, sai fenti ya ci sati biyu, sai kuma a fara jiran mai so. A hannuna, ina gari, yakan kama wata biyu a shekara, naira 100,000.

Jimla: 72,000 da 96,000 da 30,000 da 100,000 sun ba da naira 298,000.

Mataki na huɗu: rubuta abin da ejan zai ci, har wanda ba ya faɗa

A ce ejan ya rage zaman ɗaki a kulle zuwa wata ɗaya, saboda kullum akwai masu neman gida a ofishinsa, kuma yana fara nuna gidan tun kafin mai ciki ya tashi. Asarar ta zama naira 50,000, abin da aka karɓa naira 2,350,000, ladansa naira 235,000.

Bayan wannan akwai ƙarin da ke hawa kan gyara. Wani ejan zai faɗa maka a fili cewa yana da kaso a kan duk aikin da ya tsaya a kai, wani kuma ba zai faɗa ba, a farashin siminti da ladan birkila za ka gan shi. Ni nakan sa kashi 15 cikin 100 a lissafi, wato naira 45,000 a kan 300,000. Kuma ba ka daina zuwa gidanka don ka ba ejan ba. Zuwa huɗu a shekara naira 12,000, lokacinsu kwana biyu naira 16,000.

Jimla: 235,000 da 50,000 da 45,000 da 12,000 da 16,000 sun ba da naira 358,000.

Ka ga bambancin naira 60,000 ne kacal, riƙon kai ya fi araha. Mai gidan da ke bugun ƙirji yana cewa ya tsira da 240,000, dubu sittin ya tsira da ita, a kan wahalar shekara guda. Ga ɗan fansho da lokacinsa ba ya cin kuɗi, cire kuɗin lokaci a ɓangarorin biyu: 202,000 a riƙon kai, 342,000 a hannun ejan, tazarar naira 140,000. Wannan kam ya riƙe gidansa, musamman in yana zaune a unguwar.

Yanzu duba shekarar da na yi ina riƙo daga Abuja, tafiyar sama da kilomita 400. Na zo Kano sau shida musamman saboda gidan, kowace tafiya da kuɗin mota da na guzuri naira 50,000, jimla 300,000. Fulat ɗaya ya yi wata huɗu a kulle, don duk wanda ya zo dubawa sai a ce masa mai makulli ba ya nan, naira 200,000. Yoyon da aka gaya mini a farkon damina ban samu zuwa ba sai da silin ɗin falon ya jiƙe ya rufto, aikin da zai tsaya a kwano biyu da ƙusa ya koma na kafinta da mai fenti. Wannan da ire-irensa sun ƙara naira 90,000 a kan gyara. Lauya 30,000. Ƙanena da nake aika yana leƙawa, alherin da na yi masa a shekarar ya kai 60,000. Jimla naira 680,000.

A hannun ejan kuwa: lada 235,000, wata ɗaya a kulle 50,000, ƙarin gyara 45,000, tafiyata biyu don dubawa 100,000. Jimla naira 430,000. Gida ɗaya, haya ɗaya, amma nisa kaɗai ya juya lissafin da naira 250,000 zuwa ɓangaren ejan.

Mataki na biyar: auna jin nauyinka

Wannan ba ya shiga kalkuleta da sauƙi, amma a ƙasar Hausa shi ne ke cinye hayar mutane fiye da komai. Ɗan hayarka ba baƙo ba ne. Kuna sahu ɗaya a masallaci, ka je sunan ɗansa, wataƙila ma surukin abokinka ne ya kawo shi.

Akwai wani dattijo a fulat na ƙasa, sa'an mahaifinmu, tun zamanin marigayi yake ciki. Hayarsa ta ƙare, na je da rasit a aljihu. Ya shimfiɗa mini darduma, ya sa aka kawo ruwa, ya yi wa mahaifinmu addu'a mai tsawo har idona ya kawo ƙwalla. Sannan ya ce, "Ɗana, ka san halin da ake ciki. A ƙara mini haƙuri zuwa bayan Sallah." Na ce, "Ba komai, Baba, Allah ya hore." Na fito da rasit ɗina yadda na shiga da shi. Bayan Sallah ta zama bayan kaka, kuɗin suka riƙa zuwa dubu hamsin yau, dubu talatin bayan wata biyu. Ban ga laifinsa ba, yana cikin matsi da gaske. Amma gidan ba nawa ni kaɗai ba ne, akwai ƙannena mata da marayun wani ɗan'uwanmu da ke jiran rabonsu, kuma ni na yi kara da haƙƙin da ba nawa ba.

Saboda haka ka tambayi kanka da gaskiya. A shekara biyun da suka wuce, sau nawa haya ta wuce wata biyu ba a biya ba, kai kuma ka kasa buɗe baki? Yaushe rabon da ka daidaita kuɗin hayarka da na gidajen da ke layinku? Idan maƙwabta suna karɓar 700,000 kai kana nan a 600,000 don kana jin nauyin faɗa, naira 400,000 kake bari a shekara a fulat huɗu, fiye da ladan ejan gaba ɗaya. In sauƙi ka yi niyyar yi wa mutane a dukiyarka, wannan alheri ne, Allah ya ba da lada. In kuwa kunya ce ta hana ka, ko gidan na magada ne, to ka rubuta shi a layin asara. Kuɗin da aka biya ka bayan wata takwas kuma ba su da ƙarfin da suke da shi ranar da ya kamata a biya, buhun siminti ba ya jiran kowa.

Amfanin ejan a nan shi ne yana tsayawa a tsakani. Shi zai yi maganar kuɗi, kai ka ci gaba da gaisawa da mutanenka. Idan ka ga dama ka yi wa wani rangwame, sai ka yi da saninka, a rubuce, da yardar masu haƙƙi.

Mataki na shida: ka san hanyar tashin ɗan haya?

Ba a cire wa mutum ƙofa ko kwanon rufi, ba a yanke masa ruwa ko a watso kayansa waje. Wanda ya yi haka shi zai koma wanda ake ƙara. A dokar Abuja da ta jihohi da dama, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai hayar shekara-shekara ana ba shi notis na wata shida, mai hayar wata-wata na wata ɗaya. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wani na kwana bakwai cewa mai gida zai nemi kotu ta karɓar masa gidansa, sannan a shigar da ƙara. Kuskure a kwanan wata ko a yadda aka miƙa takardar yana iya sa kotu ta yi watsi da ita a sake daga farko. Wata shida a fulat ɗinmu naira 300,000 ne.

Wannan bai wajabta maka ɗaukar ejan ba. Lauya zai yi maka wannan aikin kaɗai a biya shi. Amma idan gidanka babu rubutacciyar yarjejeniya, babu kwafin rasit, ba ka ma tuna ranar da kowa ya shiga ba, to riƙon da kake yi yana da rami a ƙarƙashinsa, ka gyara ko ka miƙa.

Mataki na bakwai: in lissafi ya nuna ejan, tantance shi kafin ka ba da makulli

Duk ribar da muka lissafa a sama ta ejan mai amana ce. Wanda ya karɓi hayar fulat ɗaya, naira 600,000, ya juya ta a kasuwancinsa ya ce maka ɗan haya bai biya ba, ya shafe ribar fiye da shekara biyu a tashi ɗaya. Kuma irin wannan ba a gane shi da wuri, tunda ɗan haya yana da rasit yana zaune lafiya, kai kuma kana can kana yi masa uzuri.

A Najeriya akwai hukumar ESVARBON da aka kafa a 1975, ita ke yi wa ƙwararrun masu kula da kadarori da ƙiyasta darajarsu rajista, ƙungiyarsu kuma ita ce NIESV. Mai rajista yana da inda za a kai ƙararsa idan ya ci amana. Lauyoyi ma da yawa suna riƙon gidaje. Da yawan masu wannan sana'a a unguwanni ba su da rajistar komai, a cikinsu kuma akwai mutanen kirki, sai dai da su dole ka ƙara ɗaure akuyarka. Ko wane ne, nemi ya haɗa ka da masu gida biyu da yake yi wa aiki, ka kuma je ɗaya daga gidajen ba tare da shi ba. Dubi bakin sokawe da kwata, ka tambayi wani ɗan haya kwana nawa ake ɗauka kafin a zo gyara.

Sannan ku rubuta yarjejeniya, ko da ɗan'uwanka ne, da shaidu. Abu mafi muhimmanci a ciki shi ne ladansa ya zama a kan abin da aka karɓa, ba a kan abin da ya kamata a karɓa ba. Ta haka ɗaki a kulle yana yi masa ciwo kamar yadda yake yi maka. Hayar ta faɗa asusunka kai tsaye kai ka tura masa kasonsa, in kuma ta hannunsa za ta bi, a sa kwanakin da zai miƙo ta, kamar kwana bakwai. A sa iyakar gyaran da zai yi ba tare da ya tambaye ka ba, a gidanmu naira 30,000 ce, abin da ya haura sai ya turo hoto da farashi. A faɗi wanda ke riƙe kuɗin ajiyar ɓarna da masu shiga ke bayarwa. A faɗi abin da zai karɓa a hannun sabon ɗan haya, domin ejan da ke samun la'ada mai tsoka a kan kowane sabon shiga yana iya fi son mutane su riƙa tashi, alhali kai ɗan haya mai daɗewa yana biya shi ne ribarka. Wa'adin ya zama shekara ɗaya, da damar rabuwa bayan sanarwar wata ɗaya ko biyu.

Kafin miƙa makulli, ku zaga gidan tare ku ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar kowace mita. Wanda ya sha wuta yana iya tashi ya bar maka bashi a kan mita, don haka a rubuta cewa ba a mayar wa kowa kuɗin ajiyarsa sai an ga shaidar ya biya. Ka riƙe lambar wayar kowane ɗan haya, su ma su riƙe taka, ka kuma gaya musu a gaban ejan cewa duk wanda ya biya ya turo maka hoton rasit.

Idan tazarar ba ta da yawa

Wanda lissafinsa ya fito kamar nawa na Kano, dubu sittin nan ko can, ba dole ya zaɓi ɗaya gaba ɗaya ba. Duba layin da ya fi cin kuɗi a littafinka ka sayi maganinsa shi kaɗai. Idan zaman ɗaki a kulle ne, ka ba dillalai biyu ko uku labari wata biyu kafin mai ciki ya tashi, ka bar makulli a hannun wanda ke kusa. Idan zirga-zirga ce, ka ɗora ɗan haya ɗaya mai hankali a kan ƙananan gyare-gyare ka rage masa naira 50,000 a hayarsa, amma kada karɓar haya ta bi ta hannunsa. Idan jin nauyi ne, lauya ya riƙa aika takardar tuni wata uku kafin haya ta ƙare, da lambar asusun da za a biya.

Kowace hanya ka bi, ka sake wannan lissafin bayan shekara ɗaya da alƙaluman da suka faru da gaske. Ka ƙirga watannin da aka yi a kulle, kwanakin da kowace haya ta yi latti, da jimlar gyara, ka ajiye su kusa da na bara. Idan ejan ya ci 235,000 amma ɗaki ya sake yin wata huɗu babu kowa, kuma har yanzu kai 'yan haya ke kira idan samo ya tsaya, ka ba shi sanarwar da kuka rubuta, ka karɓi makullanka da kwafin rasitai da kuɗin ajiyar mutane kafin wa'adin ya cika.